Yadda za ka fitar da duk makarantun da ke cikin kilomita 2 daga likita da QGIS

An sha yi mini wannan tambaya a nan Damagaram, daga ma'aikatan lafiya da kuma ɗaliban da ke koyon aikin taswira. Majo ya ce a kawo masa sunayen duk lakwal da ke cikin kilomita 2 daga CSI ɗinsa, don ya san inda zai tura ma'aikata rigakafi ko rabon maganin tsutsar ciki. An buɗe QGIS, manhajar aikin taswira a kwamfuta, an latsa nan, an latsa can, sai ko dai zoben da aka zana kewaye da likitar ya rufe duniya baki ɗaya, ko sunaye su fito amma wata makaranta da kowa ya san tana kusa ba ta ciki.

Zana zoben da haɗa shi da makarantu ba ya cin minti biyar. Ɓarnar tana faruwa ne kafin nan, wajen ma'aunin taswirar, da kuma bayan nan, a bakin zoben. Shi ya sa za ka ga na daɗe a waɗannan wurare biyu. Sunayen da za ka gani a allon kwamfuta na rubuta su yadda suke, wasu na haɗa da na Faransanci tunda da yawanmu da shi QGIS ɗinmu yake.

1. Abin da za ka tanada

QGIS kyauta ne, ba lasisi, ba kuɗin wata. Ka ɗauki sigar da aka rubuta wa `LTR`, ita ce aka fi daɗewa ana gyara wa kurakurai. Fayil ɗin sakawa yana da nauyi, saboda haka in wani abokin aiki yana da shi a kile, ka kwafa daga gare shi, kada ka ƙone kuɗin intanet. Kuɗin da za ka kashe na gaske shi ne na kabu-kabu ko man babur na zuwa duba ƴan makarantun da suka faɗa bakin zobe, zan zo kansu a mataki na 7.

Sai bayanai iri biyu: inda likitar take, da inda makarantu suke. Na likita, ka je da kanka. Ka tsaya a ƙofar shiga, a fili, ba a ƙarƙashin rumfar kwano ba, ka bar wayar ta yi kamar minti ɗaya ta daidaita, sannan ka ɗauki lambobin. Ɗigo ɗaya ne, amma duk aikin a kansa yake rataye. In ya goce da mita 100, zoben gaba ɗaya ya goce da mita 100.

Na makarantu, mafi kyau shi ne jerin da ke ofishin sufeton makarantu, in yana da lambobin wuri. In babu, sai a jawo na OpenStreetMap, wanda zan nuna a mataki na gaba. Amma kafin ka taɓa kwamfuta ka tambayi wanda ya sa ka aikin: me yake nufi da makaranta? Firamare kaɗai, ko har da CEG da lise? Madarasa fa, da lakwal masu zaman kansu, da na ƙananan yara? Makarantun allo, waɗanda a wasu unguwanni nan ne yara suka fi yawa, da wuya ka same su a wani jeri. In rigakafi ne, wataƙila su ya fi buƙata, kuma sai an bi su da ƙafa.

Gargaɗi: zobe bai san iyakar gunduma ba. Birnin Damagaram ya kasu gunduma 5, kuma zoben kilomita 2 yana rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 12 da rabi. Likitar da ke Zango zobenta zai leƙa wasu unguwanni da wataƙila ba sufeto ɗaya ke kula da su ba. In jerin gunduma ɗaya kawai ka karɓo, QGIS ba zai ce maka komai ba, zai ba ka abin da ya gani ne.

2. Shigar da bayanai

Buɗe sabon aiki, ka adana shi nan take a wata jaka ta musamman. In jerin makarantun a Excel yake, ka tabbata kowace makaranta tana da lamba tata ita kaɗai, sannan suna, sannan latitud da lonjitud kowanne a ginshiƙinsa. Ka adana shi a matsayin `CSV UTF-8`, don kada ɗ da ƙ da ƴ su koma tarkace. Ya kamata ya yi kama da haka:

```
lamba;suna;lat;lon
1;Lakwal A;13,8121;9,0035
2;Lakwal B;13,7840;9,0018
```

A QGIS ka latsa `Ctrl+Shift+T`, tagar `Delimited Text` za ta buɗe. Excel na Faransanci yana raba ginshiƙai da alamar `;` kuma yana rubuta 13,8121 da waƙafi, ba da ɗigo ba. Don haka ka zaɓi `Semicolon`, ka kuma sa alama a `Decimal separator is comma`. In ka manta wannan, QGIS zai ɗauki lambobin a matsayin rubutu, tebur zai shigo amma ba ɗigo ko ɗaya a taswira.

A `X field` ka sa `lon`, a `Y field` ka sa `lat`. A `Geometry CRS` ka zaɓi `EPSG:4326`, domin da shi wayoyi da na'urorin GPS suke ba da lambobi. Ɗigon likita ma haka za ka shigar da shi, a tebur nasa.

Gargaɗi: mun saba faɗin latitud da farko, sai hannu ya kai shi ga X. Damagaram tana wajen digiri 13,8 arewa da digiri 9 gabas. In ka juya su, makarantunka za su sauka a digiri 9 arewa da 13,8 gabas, wato arewacin Kamaru, wajen Garwa. Saboda haka ka jawo taswirar `OpenStreetMap` daga `XYZ Tiles` ka shimfiɗa a ƙasa, ka gani da idonka cewa ɗigogin suna kan garin. In duka suna nan amma taswirar ta ja da baya har kana ganin ƙasashe, to ɗaya ko biyu ne aka juya wa lambobi a tebur, ka nemo su ka gyara.

In OpenStreetMap za ka yi amfani da shi, ka saka `QuickOSM` daga `Plugins`. Ka kawo garin gaba ɗaya cikin allo, a `Key` ka rubuta `amenity`, a `Value` ka rubuta `school`, ka zaɓi `Canvas Extent`. Ka sake yi da `college`, domin masu zana taswira da suka yi karatu da Faransanci sukan sa CEG a ƙarƙashin wannan kalma. In ana son na ƙananan yara, ka ƙara `kindergarten`. Ka sani masu sa kai ne suka zana wannan taswira. Wata unguwar an bi ta gida-gida, wata ba a taɓa ta ba, kuma lakwal mai azuzuwan zana da aka buɗe bara a bakin gari da wuya ta kasance ciki.

3. Mayar da komai mita

Wannan shi ne matakin da ya fi kayar da mutane. `EPSG:4326` da digiri yake awo, ba da mita ba. In ka rubuta 2000 a wurin nisa, ka ce digiri 2000 ke nan, shi ya sa allon ke cika da launi ɗaya. In ka rubuta 2 kana nufin kilomita, ka ce digiri 2, kuma digiri ɗaya a nan ya kai kilomita 110 kudu da arewa. Zoben zai wuce Magarya ya shiga Najeriya. QGIS yana nuna wannan da ƙaramar alamar gargaɗi kusa da wurin nisa, da kalmar `degrees`. Duk lokacin da ka ga wannan, ka rufe tagar ka dawo nan.

Ma'aunin da ya dace da mu shi ne `EPSG:32632`, wanda cikakken sunansa `WGS 84 / UTM zone 32N`. Wannan yanki ya kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, tsakiyarsa digiri 9, kuma Damagaram tana zaune kusan a kan wannan layi na tsakiya. Kuskuren awo a cikin kilomita 2 bai kai mita ɗaya ba. Sa'a ce muka yi, ba kowane gari ke da ita ba.

Latsa `Ctrl+Alt+T` don buɗe akwatin kayan aiki, ka nemi `Reproject layer`, a Faransanci `Reprojeter une couche`. Ka zaɓi shimfiɗar makarantu, wato ɗigoginsu da ka shigar, a `Target CRS` ka sa `EPSG:32632`, ka adana sakamakon a fayil na `GeoPackage` da suna kamar `lakwal_utm`. Ka maimaita wa likita, `likita_utm`. Kada ka bar su a matsayin shimfiɗar wucin gadi. In aka ɗauke wuta kuma batir ya mutu, sun tafi ke nan. Na fi son `GeoPackage` a kan `Shapefile` saboda na biyun yana datse sunan ginshiƙi zuwa harufa 10, kuma bayan haɗi sunayen suna tsawo.

Ga yadda za ka gane an yi daidai: ka sa aikin gaba ɗaya a `EPSG:32632` daga kusurwar dama ta ƙasa, ka ɗora kibiya a kan garin. Lambar farko ta kasance kusa da 500000, ta biyu wajen 1525000.

Gargaɗi na farko: akwai `Set Layer CRS`, wanda ke fitowa in ka latsa dama a kan shimfiɗa. Wannan ba ya juya lambobi, laƙabi kawai yake canzawa. Kamar ka goge rubutun buhun gero ne ka rubuta dawa, geron yana nan. In ka yi haka, QGIS zai karanta 9 da 13,8 a matsayin mita, makarantunka duka su dunƙule a ɗigo ɗaya cikin teku, kudu da Najeriya. In ka ga sun ɓace bayan ka taɓa wannan wuri, ka mayar da shi `EPSG:4326`, sannan ka yi `Reproject layer` na gaskiya. Haka kuma canza ma'aunin aikin a kusurwar allo bai isa ba, domin `Buffer` ma'aunin shimfiɗar yake bi.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi haɗari saboda ba a ganinsa: `EPSG:3857`. Shi ne ma'aunin taswirar intanet, yana kuma cewa mita, saboda haka ba wata alamar gargaɗi da za ta fito. Amma yana kumbura nisa gwargwadon nisanka daga layin da ya raba duniya kudu da arewa, a Damagaram da kusan kashi 3 cikin 100. Zoben da ka sa wa 2000 a nan, a ƙasa mita 1942 ne gabas da yamma, 1930 kudu da arewa. Ka yi asarar mita 58 zuwa 70 ta kowane gefe ba ka sani ba. Haka nan in fayil ya zo daga Yamai, ka duba shi, don su a can `EPSG:32631` suke amfani da shi. A nan wannan yana rage zoben da wajen mita 10. Ba yawa, amma babu dalilin ɗaukarsa.

4. Yanke shawara: ɗigo ko fili

In duk makarantunka ɗigogi ne daga tebur, ka wuce wannan mataki. In daga OpenStreetMap ne, za ka ga sun zo kashi biyu: wasu ɗigo, wasu an zana filinsu da katanga. Wanda ya ɗauki na ɗigo kaɗai ya zubar da manyan makarantu, domin su ne aka fi zana wa fili.

A nan dole ka tsai da magana ɗaya. Makaranta tana ciki ne in kusurwar katangarta ta taɓa zobe, ko sai tsakiyarta ta shiga? Filin lise yana iya kai mita ɗaruruwa, saboda haka amsoshin biyu ba ɗaya ba ne. Ni nakan mayar da komai ɗigo, don a auna kowa da ma'auni guda. Ka yi `Point on surface` a kan filayen. Na fi son sa a kan `Centroids`, don shi kullum ɗigon yana faɗawa cikin filin ko da filin a lanƙwashe yake. Sannan ka haɗe duka da `Merge vector layers`, kuma daga nan wannan haɗaɗɗiyar shimfiɗa ce `lakwal_utm` ɗinka.

Bayan haɗewa ka duba tagwaye. Sau da yawa makaranta ɗaya tana da fili kuma an sake sa mata ɗigo a ciki. Ka jera tebur bisa suna ka bi da ido. Amma ka yi hattara da akasin haka: a garuruwanmu ana samun lakwal biyu ko uku a fili ɗaya, suna ɗaya, lamba ce ta bambanta su, kowace da diraktanta. Waɗannan ba tagwaye ba ne, kada ka goge. Shi ya sa ba na son `Delete duplicate geometries` a wannan aiki, don in an ba su lambobin wuri iri ɗaya, zai bar ɗaya ya share sauran.

5. Zana zoben

In shimfiɗar likita tana da wurare da yawa kuma ɗaya kake so, ka fara zaɓarsa a taswira ya koma rawaya. Ka buɗe `Buffer`, a Faransanci `Tampon`. A sama ka sa `likita_utm`, ka sa alama a `Selected features only`. A `Distance` ka rubuta 2000, ka tabbata abin da ke gefensa `meters` ne.

Yanzu `Segments`. Za ka tarar da 5 a ciki, kuma kusan kowa yana wucewa. Kwamfuta ba ta zana da'ira ta gaske, tana haɗa gajerun layuka miƙaƙƙu ne, kuma wannan lamba ita ce yawan layukan a kowane kwata na da'irar. Da 5, zobenka mai gefe 20 ne. Kusurwoyinsa suna kan mita 2000 daidai, amma tsakiyar kowane gefe ta shigo ciki zuwa mita 1975. Ka mayar da shi 36. Gibin zai ragu zuwa rabin mita, kuma kwamfutar ba za ta ji nauyinsa ba.

Bari in nuna da lissafi, da lambobin da na ƙirƙira don misali. Mu ce likita tana gabas 499000, arewa 1525500. Wata lakwal tana 500405 da 1526905, wato mita 1405 gabas da mita 1405 arewa, arewa maso gabas sak. Nisanta:

```
sqrt(1405^2 + 1405^2) = 1987
```

Mita 1987, tana ciki da ratar mita 13. Amma ta wannan fuska zobe mai `Segments` 5 a mita 1975 ya tsaya, saboda haka ya bar ta waje. Zoben da aka yi a `EPSG:3857` ma ya bar ta. A taswira duka ukun da'ira ce mai kyau, ido ba zai raba su ba, amma a biyu daga ciki yaran wannan lakwal ba sa cikin jerin majo.

`Dissolve result` kuma, ka bar shi babu alama. In likita ɗaya ce ba ya canza komai. In da yawa ne, yana narkar da zobban su zama ɗaya, sai ka rasa sanin wace makaranta ke kusa da wace likita. Ka adana sakamakon da suna `zobe_2km`. Kafin ka ci gaba ka latsa `Ctrl+Shift+M`, ka auna daga likita zuwa bakin zobe. Ya ba ka 2000, ko ya kauce da mita ɗaya zuwa biyu.

6. Haɗa makarantu da zoben

Kayan aikin shi ne `Join attributes by location`, a Faransanci `Joindre les attributs par localisation`. Abin da yake yi shi ne ya duba kowace makaranta, in tana cikin zobe ya liƙa mata bayanan zoben, wato sunan likitar.

Tsarin shimfiɗun yana da muhimmanci. A akwatin sama ka sa `lakwal_utm`, a na ƙasa ka sa `zobe_2km`. Abin da ke sama shi ne zai fito a sakamako. In ka juya su, za ka samu zobba jibge a kan juna maimakon ɗigogin makarantu, ko kuma zobe ɗaya ɗauke da sunan makaranta ɗaya tak. A wurin dangantaka ka zaɓi `intersect`. Da ɗigogi, bambancinsa da `are within` sai ga wanda ya faɗa daidai kan layi. Amma in ka bar makarantun a matsayin filaye, `intersect` zai ɗauki duk wanda ya taɓa, `are within` kuwa sai wanda filinsa duka ya shige.

Ka sa alama a `Discard records which could not be joined`. In ba haka ba, duk makarantun garin za su fito, na waje da `NULL` a wurin sunan likita, sai wanda ya kalli yawan layuka kawai ya ɗauka duka suna ciki. A `Joined field prefix` ka rubuta `lik_`, don shimfiɗun biyu kowace tana da ginshiƙi mai suna `suna`, kada ka rikice.

Sai `Join type`. Ga likita ɗaya, duk wanda ka zaɓa daidai ne. Ga biyu ko fiye, ka zaɓi wanda ya ƙare da `one-to-many`. A cikin gari wuraren lafiya ba su da nisa da juna, zobbansu suna hawa kan juna. Mu ce likita ta farko tana da makarantu 18, ta biyu 14, kuma 5 suna tsakiya, cikin zobban biyu. `one-to-many` zai ba ka layi 32, alhali makarantun 27 ne. Duka lambobin biyu gaskiya ne, amma kowace da tambayarta. In aka yi lissafin magani da 32, an ƙirga yaran makarantu biyar sau biyu. Don samun 27, in sakamako ya fito ka buɗe tagar lissafi ta `Field Calculator` a teburinsa ka rubuta:

```
count_distinct("lamba")
```

In makarantun daga OpenStreetMap suke, ka sa `full_id` a madadin `lamba`. Zaɓin `Take attributes of the first matching feature only` kuwa yana ba da layi ɗaya ga kowace makaranta, amma likitar da ya liƙa mata ita ce wadda ya fara tararwa a tebur, ba wadda ta fi kusa ba. Na ga an raba aiki tsakanin ma'aikata da irin wannan jeri, aka tura wasu nesa alhali makarantar tana bayan wata likitar.

Ka latsa `Run`, ka buɗe teburin sakamako da `F6`. In ya fito babu komai, kusan kullum ɗayan uku ne: an yi `Set Layer CRS` maimakon juyawa, ko akwai alama a `Selected features only` kan shimfiɗar da ba a zaɓi komai mai amfani ba, ko an juya X da Y. In ka ga jan rubutu cewa babu `spatial index`, kada ya dame ka, maganar sauri ce kawai, a makarantun gari ɗaya ba za ka ji bambanci ba.

In sunan likita ba ya cikin buƙatarka, `Extract by location` zai ba ka jeri iri ɗaya da ƙarancin zaɓuɓɓuka. Ya dace kuma ka yi shi a matsayin gwaji: yawan da ya bayar ya yi daidai da na `count_distinct`.

7. Duba bakin zobe

Jerin da ka samu yana cewa ciki ko waje ne kawai, bai faɗi da ratar nawa ba. Ni ba na miƙa shi haka. Ka buɗe `Join attributes by nearest`, ka sa `lakwal_utm` gaba ɗayanta a sama, ba sakamakon haɗin ba, ka sa likita a ƙasa, ka bar `Maximum nearest neighbors` a 1. Zai ƙara ginshiƙi mai suna `distance`, nisan kowace makaranta da mita. Wannan hanya ba ta bi ta zobe ba sam, saboda haka shaida ce ta biyu: duk wadda nisanta bai wuce 2000 ba ya kamata ta kasance a jerinka. In akwai mai 1987 da ba ta ciki, ka koma kan `Segments`. In wuraren lafiya da yawa ka sa, wannan kuma shi ne zai gaya maka wace ce ta fi kusa da kowace makaranta.

Sannan ka zaɓi na bakin zobe da `Select by expression`:

```
"distance" >= 1900 AND "distance" <= 2100
```

Yawanci ƴan kaɗan ne. Waɗannan su ne za ka duba ɗaya bayan ɗaya, domin ba ka san inda wanda ya ɗauki lambobinsu ya tsaya ba. Wani a ƙofa ya ɗauka, wani a ofishin dirakta, wani daga kan babur a bakin titi. Mu ce wata tana mita 1200 gabas da 1650 kudu da likitarmu, nisanta 2040 ke nan, ta fita. In an ɗauki ɗigon a ƙarshen fili ta kudu, ƙofar kuwa tana arewa, to ƙofar tana iya kasancewa ciki. Ka fara duba hoton tauraron ɗan'adam in kana da shi. Wadda ba ta fito sarai ba, ka hau kabu-kabu ka je ka ɗauki ƙofarta yadda ka ɗauki ta likita.

A wannan fita ka riƙe jerin a hannu, ka nuna wa majo da wani tsohon malami na unguwar. Tambayar ita ce wace makaranta ce ba ta nan. Ita ce tambayar da QGIS ba zai iya amsawa ba, su kuwa cikin minti biyu za su kira maka suna.

Ka tuna kuma nisan nan na tsuntsu ne. Wanda ya san duwatsun da ke kewaye da Birni da lungunanta, ko tafkunan da ke cika da damina, ya san mita 1800 a taswira tana iya wuce kilomita 2 da ƙafa. In abin da ake so shi ne tafiyar ƙafa ta gaske, wani aiki ne daban, da `Service area (from point)` da shimfiɗar hanyoyi. Ka faɗa wa mai aikin tun farko wanne ka yi masa.

8. Fitar da jerin

A sakamakon `Join attributes by nearest`, wanda ke da ginshiƙin nisa, ka zaɓi waɗanda nisansu bai wuce 2100 ba, ka latsa dama a kansa, `Export`, sannan `Save Selected Features As`. Ka zaɓi `XLSX` maimakon `CSV`, don Excel ya buɗe shi ba tare da ya lalata harufa masu lanƙwasa ba. Ka bar lamba, suna, irin makaranta, sunan likita da nisa, ka cire sauran ginshiƙan. Ka jera daga mafi kusa zuwa mafi nisa.

Waɗanda suka faɗa tsakanin 2000 da 2100 kada ka jefar da su. Ka sa su a ƙasan jerin ƙarƙashin wani kai na daban, da nisansu, majo ya yanke da kansa. A saman takardar ka rubuta ranar da aka yi aikin, inda aka samo jerin makarantu, irin makarantun da aka ƙirga, cewa an auna daga ƙofar likita zuwa ɗigon makaranta a miƙe, da kuma `EPSG:32632`. Jakar aikin kuma ka kwafe ta dukanta a kile, da fayil ɗin `.qgz` da na `.gpkg` tare, domin fayil ɗin aikin shi kaɗai ba ya ɗauke da bayanan, hanyar zuwa gare su kawai yake riƙewa.